Babina ya makara mako goma: yaya zan rubuta wa Farfesa ya duba min?

Tambaya: Malam, ina digiri na uku a wata jami'a a Bauchi, ina kuma koyarwa a Gombe. Bincikena a kan manoman shinkafa ne na Dadin Kowa. Na yi wa Farfesa alkawarin babi na huɗu ranar 28 ga Fabrairu, sai mahaifina ya kwanta rashin lafiya, ban gama ba sai yanzu, 12 ga Mayu. Tun lokacin ban neme shi ba saboda kunya. Sashe ya ce a miƙa cikakken kundi ranar 30 ga Yuni. Me zan rubuta masa a imel ya duba min ba tare da na ɓata masa rai ba?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗan'uwa, bari in fara nuna maka yadda lamarin yake daga kujerar mai duba aiki, domin na daɗe a kanta. Ranar da ɗalibi ya ce min zai kawo babi ƙarshen wata, nakan ware masa wuri a raina, wani lokaci har a kalanda. In ranar ta wuce bai kawo ba, wurin nan ba ya zama babu kowa. Takardun jarrabawa sun shiga, ɗaliban digiri na biyu sun shiga, taron sashe da na tsangaya sun shiga, wata jami'a ta aiko kundi in je in jarraba ɗalibinta. To ka ga ba fushi ne babbar matsalarka ba. Layinka ne ya wuce, yanzu kana neman a sake saka ka. Imel ɗinka aikinsa guda ne: ya sa Farfesa ya ga cewa duba wannan babi abu ne da zai iya farawa gobe da safe, ya san inda zai fara, ya san ranar da ya kamata ya gama.

Ka san nauyin abin da kake roƙo. Ni dai babin sakamakon bincike mai tebura da yawa ba na wuce shafi biyar ko shida a awa guda, saboda sai na duba ko adadin da ke cikin tebur shi ne ke cikin bayani, ko jimilla ta kai ɗari bisa ɗari, ko abin da aka ce an gano ya amsa manufar da aka rubuta a babi na ɗaya. Babi mai shafi 48 ke nan awa takwas zuwa kusan goma. Babu malamin jami'a da ke da awa tara a jere. Yana tsintarsu ne bayan asuba, da tsakanin laccoci, da daren Asabar in akwai wuta. Shi ya sa saƙon da ya ce kawai "ga aikina nan, a taimaka a duba" yake kwana a akwati. Ba raini ba ne. Mutum ya buɗe a waya, ya ga dutse ne babba ba inda za a kama, ya ce sai ya samu sarari, sararin kuwa ba ya zuwa.

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka ɗauki kalanda ka yi lissafi daga baya. Ranar 30 ga Yuni ce iyaka. Kana bukatar mako guda kafin nan domin Farfesa ya sake leƙa gyaran, ya sa hannu, ka buga, ka ɗinke, ka kai wa kodinetan karatun gaba da digiri na sashenku. Wannan ya dawo da kai 23 ga Yuni. Gyaran babi na huɗu ba ya kasa mako biyu ga mai koyarwa, balle in an ce ka sake lissafi, kuma duk abin da ya motsa a babi na huɗu sai ya motsa a na biyar da taƙaitawar kundi. Ke nan dole tsokacinsa ya zo hannunka kafin 9 ga Yuni. Daga yau zuwa ranar mako huɗu ne cif. Kada ka ba shi duka. Ka roƙi 2 ga Yuni, mako uku ke nan, ka ɓoye mako guda a aljihu saboda tafiya, rashin lafiya ko hutun Sallah in ya faɗo a tsakani. Mako uku roƙo ne na mutunci. Wanda ya makara mako goma sannan ya ce a duba masa cikin kwana uku, shi ne ke ɓata rai, ko da ya cika saƙon da "ranka ya daɗe" ashirin.

Da yawa suna jin nauyin faɗa wa malami rana, suna ganin kamar umarni ne. Ba umarni ba ne matuƙar ka faɗi daga ina ranar ta fito, kuma ka bar masa ƙofa ya ce ba za ta yiwu ba. Ni ɗalibin da ya ba ni rana da dalilinta ya taimake ni, domin ya gaya min inda zan sa shi a cikin sauran. Wanda ya ce "duk lokacin da Malam ya samu dama" ya sa kansa a ƙarshen layi da hannunsa.

Sai maganar ba da haƙuri. Jimla biyu sun isa: ka ambaci ranar da ka yi alkawari, ka amsa cewa ka saɓa, ka faɗi dalili a taƙaice. Abin da ya fi makarar kanta nauyi shi ne shirun, don haka shi ma ka amsa shi. Na taɓa samun ɗalibi, mutumin kirki, da ya ɓace min wata huɗu. Wata rana bayan azahar ina fitowa daga masallaci ina neman takalmina, na hango shi ya hango ni, sai ya sunkuyar da kai ya zagaya ta bayan tankin ruwan alwala. Abin ya tsaya min a rai kwana biyu. Ba babin nake jin ciwonsa ba, ina tunanin me na yi masa da har yake gudun gaishe ni. Da ya aiko layi guda tun farko cewa matarsa na asibiti, da ni da kaina zan nemar masa ƙarin lokaci. Saboda haka ka rubuta a fili cewa ya kamata ka sanar tun wuri, ba ka yi ba. Daga nan ka wuce. Kada ka zuba tarihin jinya shafi guda. Dogon uzuri yana tilasta wa malami ya fara lallashinka kafin ya kai ga aikin, kuma sau da yawa tambayar da ka zo yi tana nutsewa a ƙasa inda ido bai kai ba.

Yanzu zuciyar saƙon, wadda yawancin ɗalibai ke bari. Kai ka rubuta babin nan, kai ka san inda yake ɗingishi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka zaɓi wurare biyu ko uku da kake da shakka a kansu, ka faɗi shafi, ka faɗi abin da ka yi, ka yi tambayar da za a iya amsawa da "eh, bar shi" ko "a'a, sake". Tambaya irin "ko babin ya yi?" ba ta da amsa sai an karanta komai. Amma "na cire takardu 31 da ba a cike yawan amfanin gona ba, in bar shi haka ko in mayar da su?" Farfesa zai iya amsa ta yana zaune a mota, kafin ya buɗe fayil ɗin ma. Kuma irin wannan amsa ita ce ke iya rushe mako biyu na aikinka, don haka gara ta zo da wuri. Wasu na tsoron kada nuna rauni ya rage musu daraja. Akasin haka nake gani. Ɗalibin da ya san inda aikinsa ke da rami ya kusa zama dakta. Ramin da ka ɓoye wa mai duba aikinka, mai jarrabawa daga waje zai tono shi ranar kare kundi a gaban jama'a, kuma ranar sunan malaminka ne a bangon kundin tare da naka.

Ga yadda zan rubuta da ni ne kai. Na san galibi da Turanci ake wannan wasiƙa in ba a sashen Hausa ba, sai ka juya ta, tsarin ne abin riƙewa. Lambobin shafi da na tebura misali ne na sa, ka maye su da naka. A gurbin take, wato Subject, ka sa: Babi na 4 na kundina, roƙon tsokaci kafin 2 ga Yuni. Sai jikin saƙon:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan Farfesa da iyali suna lafiya.

Na haɗo babi na huɗu na kundina a kan manoman shinkafa na Dadin Kowa, shafi 48. Na yi alkawarin kawo shi ranar 28 ga Fabrairu ban cika ba, saboda jinyar mahaifina. Ya kamata in sanar da kai tun lokacin, ban yi ba, ina neman afuwa.

Na shigar da gyaran da ka yi min a zamanmu na ƙarshe: na raba bayanin manoma maza da mata, na kuma daidaita tebura da manufofi huɗu na babi na ɗaya. Sashe na 4.1 zuwa 4.4 sun kammala. Sashe na 4.5, tattauna sakamako, rubutun farko ne.

Wurare uku nake fi bukatar ra'ayinka. Na ɗaya, shafi na 9: na raba takardun tambayoyi 300, 214 suka dawo, na cire 31 da ba a cike yawan amfanin gona ba, na yi aiki da 183. Ko wannan ya wadatar, ko in koma fili? Na biyu, tebur na 4.6 a shafi na 27: sakamako ya nuna manoman da malaman gona suka fi ziyarta sun fi ƙarancin amfani, saɓanin abin da na kawo a babi na biyu. Ina zaton malaman gona sun fi zuwa gonakin da suka riga suka sami matsala ne. Ko wannan bayani ya karɓu? Na uku, ko sashe na 4.5 ya zauna a nan ko ya koma babi na biyar?

Sashe ya sa 30 ga Yuni ranar miƙa cikakken kundi. In zai yiwu in sami tsokacinka zuwa 2 ga Yuni, zan samu lokacin gyara in dawo maka da shi kafin sa hannu. Na san makarata ce ta matse lokacin. In ranar ba ta yi daidai da ayyukanka ba, amsar tambaya ta ɗaya da ta biyu kaɗai ma za ta ba ni abin yi. Zan iya zuwa Bauchi da bugaggen kofi duk ranar da ka ce.

Na gode, Allah ya saka da alheri."

Sai cikakken sunanka da lambar rajista da lambar waya a ƙasa. Kada ka ɗauka ya san su. Malami na iya samun ɗalibai uku masu suna ɗaya, kuma adireshin imel ɗin wasu laƙabi ne da ba ya nuna ko wane ne.

Ka duba tambaya ta biyun nan da kyau, domin ita ce ta fi nuna abin da nake nufi. Ba a ce "sakamako ya fito a karkace, me zan yi?" ba. An faɗi abin da aka gani, an faɗi cewa ya saɓa wa abin da aka karanta, sannan an kawo zato. Ko zaton bai yi daidai ba, Farfesa ya samu abin da zai kama ya gyara. Zai iya cewa ka fara duba ko ba ka juya lambobin "eh" da "a'a" ba lokacin shigar da bayanai, wanda kuskure ne da na sha gani, ko ya ce zaton naka yana da ma'ana, ka nemo shaidarsa daga hirar da ka yi da manoma. Minti biyar ya ishe shi. In kuwa ba ka nuna masa ba, sai ya kai shafi na 27 a dare na uku na karatu kafin ya ci karo da shi, ya fara shakkar duk abin da ya wuce.

Sannan layin nan da ya ce amsar tambaya biyu kaɗai ma ta wadatar, kada ka cire shi. Shi ne ƙaramar ƙofar da ka bari. Malamin da ya san ba zai iya karanta shafi 48 a mako uku ba yakan yi shiru gaba ɗaya, domin shi ma yana jin nauyin ya ce ba zai iya ba. In ka ba shi abin da zai iya yi a rabin awa, sai ya yi, kuma da zarar ya buɗe fayil ɗin sau da yawa yakan zarce.

Game da fayil ɗin kansa, ka aika shi a Word, ba PDF ba, domin ya iya rubutu a ciki da Track Changes. Ka sa lambar shafi, tunda tambayoyinka a kanta suka dogara. Ka ba shi suna mai ma'ana, irin wannan:

```
Sunanka_Babi4_12Mayu.docx
```

A kwamfutata akwai fayiloli da yawa masu suna `thesis final.docx` da ban san na waye ba sai na buɗe. Na taɓa ɓata yammaci guda ina gyara tsohon kofi saboda ɗalibi ya aiko biyu masu suna iri ɗaya. In manufofin bincikenka suna babi na ɗaya, ka kwafo su ka sa a shafin farko na fayil ɗin, domin bayan wata uku ba lallai ya tuna su daidai ba, kuma da su ake auna babi na huɗu. In akwai hotunan gona da taswira, ka rage nauyinsu; Gmail ba ya ɗaukar abin haɗawa da ya wuce megabait 25, yakan mayar da shi mahaɗin Google Drive, wanda kan ƙi buɗewa in ba ka ba da izini ba. Bayan ka aika, ka shiga Sent ka buɗe fayil ɗin da idonka. Saƙon da ya ce "na haɗo" alhali ba a haɗa komai ba yana cin kwana biyu ko uku kafin a gane.

Wa za ka sa a Cc? In kana da mai duba aiki na biyu, ka sa shi, haƙƙinsa ne, kuma yana hana ka samun gyara biyu masu karo da juna a makon ƙarshe. Amma shugaban sashe ko kodineta, a'a. A wurinmu wannan ƙara ce. Kai ne ka makara, in ka sa shugaban sashe a saƙon farko, Farfesa zai karanta shi a matsayin kana shirya shaida a kansa.

Gaskiyar da ba a rubutawa a littafin ƙa'idojin makaranta ita ce, malamanmu da yawa ba sa buɗe imel kullum. Don haka bayan ka aika, ka tura gajeren saƙo ta waya ko WhatsApp da rana, ba tsakar dare ba: sallama, sunanka, "na aika babi na huɗu ta imel, da tambayoyi uku a ciki." Kada ka tura babin kansa ta can, zai nutse cikin saƙonnin ɗaurin aure da na ƙungiyoyi. Kuma tunda ka yi mako goma ba a ji ɗuriyarka ba, ni ina ganin ka hau mota. Daga Gombe zuwa Bauchi ta Alkaleri tafiyar yini ce ka je ka dawo. Ka buga babin da tazara tsakanin layuka domin jan biro ya samu wuri, ka nemi izinin zuwa, ka gaishe shi, ka ajiye, ka tashi. Minti goma. Kada ka tsaya jiran ya karanta a gabanka, kuma kada ka haɗa babin da wata tsaraba a wannan zuwan. Yana sa mutumin kirki jin kamar ana sayen saurinsa. Imel ɗin dai yana nan a matsayin rubutacciyar shaidar ranar da ka miƙa da abin da ka tambaya.

In kwana bakwai zuwa goma sun wuce ba ka ji komai ba, ko da "na gani", ka tuna masa. Ka danna Reply a kan saƙonka na farko domin fayil da tambayoyin su kasance a wuri guda, ka sake haɗa fayil ɗin, ka rubuta layi biyu: kana tabbatarwa ne ko saƙon ya iso, kuma tambaya ta ɗaya ita ce ta fi gaggawa domin in za ka koma Dadin Kowa sai ka nemi izini a wurin aiki. Kada ka ji nauyin wannan. Ni kaina na taɓa danne babin wata ɗaliba mako shida ƙarƙashin tarin takardun jarrabawa, ita tana can tana zaton na ƙi aikin ne, ni kuwa na manta ya zo. Da na ɗaga tarin na gan shi, da zoben kofin shayi a bangonsa, na kira ta na ba ta haƙuri. Da ta tuna min a mako na biyu, da ba ta rasa saminar wannan zangon ba.

Yadda za ka karanta amsarsa kuwa: in ya ce "na gani, zan duba", an sa ka a layi, ka ƙyale shi har ranar da ka roƙa. In ya ce "zo ka same ni", yawanci akwai abin da ya fi ƙarfin rubutu a gefen shafi, ka je da kwamfutarka da ainihin bayanan da ka tattara, ba babin kaɗai ba. In ya dawo da shi cikin kwana biyu da gyaran waƙafi da rubutun kalmomi kawai, bai taɓa tambayoyinka ba, to leƙawa ya yi. Ka yi godiya, ka sake tambayar guda ɗaya da ta fi muhimmanci. In kuwa ya ce ba zai iya kafin 30 ga Yuni ba, ka karɓa. Ka tambaye shi ko ya yarda ka je wurin kodineta neman zagaye na gaba, ka kuma bincika ko hakan zai shigar da kai sabuwar shekarar karatu da sabon kuɗin rajista, ko zai taɓa wa'adin hutun karatunka in wurin aikinka ne ko TETFund ke ɗaukar nauyinka. Wannan binciken ka yi shi a makon nan, kada ka jira amsa.

Kwanakin jiran ba na zama ba ne. Ka fara babi na biyar a kan sassan da ka tabbata ba za su motsa ba, ka bi sunayen marubutan da ka ambata a cikin kundi ɗaya bayan ɗaya ka ga ko suna cikin manazarta. Abu guda kawai kada ka yi: kada ka ci gaba da taɓa babi na huɗu kana aika sabon kofi duk bayan kwana uku. Shafukan za su gusa, shafi na 27 ya koma na 29, tsokacinsa ya daina dacewa da abin da ke hannunka. Duk gyaran da ya faɗo maka, ka rubuta shi a takarda daban, ka haɗa da nasa ranar da ya dawo maka da babin.